Taken imel: na gaggawa da na tuni

Sakatare, Argungu: Salamu alaikum. Dillalin da ke kawo wa ƙungiyarmu ta manoman shinkafa taki, duk imel ɗinsa takensa "GAGGAWA!!!", ko da barka da sallah ce a ciki. Ranar da ya rubuto cewa farashi zai tashi, ma'ajinmu bai buɗe ba sai da aka riga aka ƙara kuɗin. Ku ya kuke bambanta saƙon da ke son amsa yau da wanda tuni ne kawai?

Hajiya Asabe, Gusau: Malam Sakatare, ni ba na sa kalmar gaggawa, lokaci nake sawa. Ina karɓar rahoton wata daga malaman makarantarmu. Ran Litinin take shi ne "Rahoton wata: a turo kafin Alhamis, ƙarfe 12". Ran Laraba, ga waɗanda ba su turo ba kaɗai, "Tuni: rahoton wata, gobe Alhamis". Ran Alhamis da safe kuwa, "Yau ƙarfe 12 za a rufe karɓar rahoto". Mutum na ganin "yau" ya san babu wasa, ba tare da an daka masa tsawa ba. Kuma abin da ya fi muhimmanci nake fara sawa, don a waya kalmomin farko kaɗai ke fitowa, sauran a yanke.

Nasiru, Jega: Ai manyan baƙaƙe da alamar motsin rai ma kai tsaye Spam suke kai saƙo.

Hajiya Asabe: Ba kullum ba, Nasiru. Suna iya ƙara zargi, amma wanda kuka saba musaya da shi saƙonsa yakan shigo. Na dillalin nan ai shigowa yake, karantawa ce aka daina.

Baba Ɗanjumma, Talata Mafara: Mu dai in abu ya matsa, murya muka aikawa ta WhatsApp, in anka yi shiru mu buga waya.

Maman Iman, Birnin Kebbi: Nawa akasin haka ne. An tura mini sanarwar ɗage ranar biyan alawus a ƙarƙashin "Re: Barka da shan ruwa", saboda mai aikowa tsohon saƙo ya danna wa Reply. Na ɗauka gaisuwa ce na wuce. In magana ta canja, a buɗe sabon saƙo da sabon take. Amma Hajiya, "Tuni" ɗin nan ba zan iya rubuta wa shugabana ba, kamar ina cewa ya yi sakaci. Nakan sa "Ranka ya daɗe, game da takardar hutuna".

Hajiya Asabe: Girmamawar ta cinye wurin, ƙanwata. Ki sa "Takardar hutu: neman sa hannu kafin Juma'a", ranka ya daɗe ya zo a layin farko na ciki.

Maman Iman: Hajiya, ba ki san mutumin ba. Ya ga na yanka masa rana a take, takardar sai ta ƙara mako a teburinsa.