Magana zarar bunu ce: har da barkwancin kamfani a soshiyal midiya?

Ummu_Hanan: Jama'a wai karin maganar nan ta "magana zarar bunu ce" ta shafi fostin barkwanci na kasuwanci kuwa? Ni dai gani nake tunda akwai gogewa ai an gama.

Dattijo77: Gogewar me? Kafin ki goge wani ya riga ya ɗauki hoton fostin. Dubi Burger King reshen Birtaniya, ranar 8 ga Maris 2021, ranar mata ta duniya, suka rubuta a Tuwita "Women belong in the kitchen", wato wurin mace kicin. Bayanin yana ƙasa a saƙon da ya biyo, wai suna nufin mata sun yi ƙaranci cikin ƙwararrun masu girki kuma za su ba ma'aikatansu mata tallafin karatun girki, amma fa layin farko shi kaɗai ya yi ta yawo, wa zai tsaya buɗe na biyu? Ranar suka goge suka ba da haƙuri, har yau ana ba da misali da su.

Sarkin_Raha: Ni a ganina ma'anarta kawai a yi shiru. Kamfani ya sa kaya da farashi ya kama bakinsa.

Dattijo77: A'a, ba ta ce kar a zara ba, cewa ta yi ka duba kafin ka zara. KFC a Birtaniyar dai, Fabrairun 2018, kaji suka yanke musu bayan sun canza kamfanin da ke kai musu kaya, suka rufe ɗaruruwan shaguna. Sai suka buga talla a jarida, bokitinsu wayam an juya haruffan sun koma FCK, kamar wata ashar ta Turanci, ƙasa kuma ban haƙuri ƙarara. Mutane suka yi dariya suka huce. Su kansu suka tsokana kan laifin da suka amsa, Burger King kuwa kan mata dariyar ta faɗa, a ranarsu ma.

Maman_Twins: Hmm ni fa wata kwastoma ta yi ƙorafin jinkirin kaya na mayar mata da mim ɗin kunkuru, layik ya yi yawa sosai, ita dai ba ta sake saye ba amma sabbi sun zo. To wa ya yi asara?

Ummu_Hanan: Kin ci riba kenan 😂

Dattijo77: Maman Twins ki koma komen ɗin ki duba su waye suka yi dariyar. In masu saye ne to, in 'yan kallo ne kawai to duk mai shirin yin oda ya ga yadda ake yi wa mai ƙorafi. Jinkirin daga wajenki ne, da kanki kika kira kunkuru da ya fi.

Maman_Twins: Baba ban yarda duka ba gaskiya, ita ta fara zagi a fili.

Sarkin_Raha: Shi ya sa na ce farashi kawai.