An ce ina shiga zuciyar mutane a labarin rayuwata

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Babin daren da aka kai mahaifina asibiti nake rubutawa, lokacin ina da shekara 9. Wadda ta duba min ta ce ina shiga zuciyar mutane, kuma lokaci yana yi min yawo. Ga wurin: "Ina kwance sai na ji ƙarar mota. Mama ta tuna mafarkin da ta yi jiya, gabanta ya faɗi. Yanzu mun zauna muna jira, gobe za a yi masa aiki." Ina laifin yake?

Ɗan Aji: Wa alaikis salam. Abin da ya wuce kike bayarwa, ki cire duk wani "ina" da "muna", shi ke nan.

Mai Jan Biro: A'a ƙanena, kar ta taɓa su. "Ina kwance sai na ji" daidai yake, domin "ina" ba ta nuna yau ko bara, tana nuna abu yana cikin faruwa ne. Masu rikita ki, 'yar uwa, su ne "jiya", "yanzu" da "gobe". Daga ranar da kike rubutun mai karatu yake lissafa su. Ki mayar da su "daren da ya gabata" da "washegari". Sai kuma "mun zauna": kin ɗauko zaren labari da "sai na ji", to "muka zauna" ne zai bi shi. "Mun" tana sa a ji kamar kin tsaya kina ba da rahoto.

Maganar Mama ta fi nauyi. Yarinya 'yar shekara 9 ta ina ta ga mafarkin da wata take tunawa? Ko ki rubuta abin da idonki ya gani, ko ki faɗi yadda kika sani. Misali: "Mama ta tsaya a bakin ƙofa da takalmi ƙafa ɗaya. Sai bayan shekaru ta gaya min ta yi mafarki a daren da ya gabata. Muka zauna muna jira. Washegari za a yi masa aiki." Takalmin ni na ƙirƙira, ki sa abin da kika tuna da gaske. Ki bi babin da biro, duk inda "ta tuna", "ya ji a ransa" ko "ta yi tunani" suka hau kan wani ba ke ba, ki ja layi.

Maman Biyu: Ni fa nawa na bar "gobe" da gangan, don a ji ana cikin daren tare da ni. Ba wanda ya yi ƙorafi.

Mai Jan Biro: Yana yiwuwa, in tun daga farkon babin kika tafi a haka. Ita a tsakiyar sakin layi ta sauya.

Mai tambaya: Na gode Malam. Amma Mama ba ta taɓa gaya min ba, a bakin yayata na ji. Kuma ita ma yanzu ta ce ba ta tabbatar ba.