Neman shawara: tayata ta baya ta fashe a hanyar Gusau

Direba daga Tudun Wada: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Na taso daga Kwangila da tsakar rana da cikakken fasinja da buhunan masara uku a but, bayan mai faci ya rage min iska zuwa 26 a geji saboda zafin kwalta. Da na wuce Funtua sai tayar baya ta fashe, bayanta ya sale gaba ɗaya. Mene ne ya jawo haka?

Mai faci a Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba, Malam. Gaskiya ne iska tana ƙaruwa idan taya ta ɗau zafi, shi ya sa muke rage wa masu tafiya mai nisa a watan Afrilu.

Tsohon makanike: Ƙanena mai faci, ƙaruwar gaskiya ce, amma ba ta cika wuce 4 zuwa 6 a geji ba, kuma masu ƙera taya sun san da ita. Zafin da ke kashe taya daga cikinta yake fitowa. Duk juyawar da ta yi, gefenta yana lanƙwashewa a inda ta taɓa ƙasa sannan ya miƙe, kamar yadda waya take ɗaukar zafi idan ana lanƙwasa ta ana miƙewa. A gudun kilomita 100 a awa, hakan yana faruwa kusan sau 14 a kowace daƙiƙa. Idan iska ta yi ƙasa ko lodi ya yi yawa, lanƙwasar tana ƙara zurfi, zafi ya taru har haɗin roba da wayoyin ciki ya saki, bayan tayar ya ɓalle.

Malam direba, ka duba lambar da ke bin girman tayar. Idan 91 ce, kilo 615 take ɗauka, kuma sai da cikakkiyar iska. Ke nan tayoyin baya biyu kilo 1,230 ne iyakarsu, alhali buhunanka kaɗai sun kai kilo 300, sun kuma zauna a bayan gatari, ga fasinja, ga nauyin motar kanta. Ka bi awon iska na cikakken lodi da ke manne a jikin ƙofa, ka auna da safe kafin mota ta motsa, kada kuma ka sace iskar taya mai zafi.

Hajiya mai zuwa Kano: Ni tawa sabuwa ce, ba ta gwanjo ba, kuma a ajiye ta tsattsage.

Tsohon makanike: Hajiya, wannan tsufa ne, don taya tana tsufa ko a ajiye take. Lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da DOT a gefen taya su ne mako da shekarar ƙira, misali 2318 mako na 23 ne na 2018.

Mai faci a Sabon Gari: Baba, na ji, amma tayar gwanjo da ta sha faci ni dai ba zan cika mata iska da rana tsaka ba.