YouTube ya kama waƙar da na saya don bidiyon talla

Salam. Na rubuta wa mai sayar da man shafawa tallar daƙiƙa 45, na ɗora waƙar da na saya da lasisi. Da ya loda bidiyon a tasharsa, sai Content ID, tsarin YouTube mai gano waƙoƙi masu haƙƙin mallaka, ya kama waƙar. Na ƙalubalanta da rasit, aka ƙi, don lasisin sunana yake ɗauke, ba nasa ba. Na rage waƙar zuwa daƙiƙa 10, duk da haka aka sake kamawa.

Abin ya dame ni, domin da ƙyar ya yarda na cire "yana kawar da ƙuraje cikin kwana 3", tunda ba gwajin da ya tabbatar. Yanzu gani yake ni ke jawo jinkiri.

Wane irin lasisi zan saya da zai haɗa da tashar mai kayan da tallar da ake biya?