Yaushe ake cire katako da turakun dekin? Abin da aka tattauna

An yi ta tattauna lokacin da ya dace a cire katako da turaku bayan an zuba kankaren dekin da bim. Maganar ta yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Babu saɓani kan katakon gefen bim. Ba ya ɗauke da nauyi, ana iya ɓamɓare shi bayan kwana 1 zuwa 2, a hankali don kada gefen kankaren ya gutsure.

2. Turakun da ke tokare da ƙasa su ne abin lura. Mafi yawa sun ce dekin da faɗinsa bai wuce mita 4.5 ba a bar masa kwana 7, in ya wuce 14. Bim kuwa 14, in ya haura mita 6 sai 21. Nan aka rabu. Wasu sun ce su kwana 21 suke bai wa komai, in da sanyi ma su ƙara, domin kankare ba ya saurin yin ƙarfi a sanyi. Ni ma nan na karkata, musamman in za a jibge bulo a kai ko a zuba wani dekin a sama.

3. Wani ya ba da labarin turakun da aka kafa kan cikon ƙasa ba a shimfiɗa katako ƙarƙashinsu ba. Ruwan da ake bai wa kankaren ya jiƙa ƙasar, suka nutse, bim ya sandare da tumbi a tsakiya.

4. Wajen cirewa a fara daga tsakiya zuwa fila. Baranda mai leƙowa waje kuwa daga bakinta ake farawa, a yo ciki.