Sanarwar rangwame a watan azumi: abin da 'yan kasuwa suka ce

Da aka tattauna yadda shagon yadi zai sanar da rangwame a Ramadan, kusan kowa ya ce a fara da barka da shan ruwa, sannan a faɗi kayan kai tsaye: atamfa, shadda, leshi, rangwamen da aka yi kan kowane turmi, da ranar da zai ƙare.

An fi daɗewa kan maganar ayoyi. Wata mai shago ta ce kada a buga aya ko sunan Allah a takardar talla, domin ƙarshenta a ƙasa take, ana takawa. Ni ma ina bayanta. Haka kuma kada a nuna kamar sayen yadi lada ne, ko a yi ta rantsuwa kan ingancin kaya. In shaddar ba ta asali ba ce, a faɗa.

Wani tela ya ja hankali kan lokaci: a saki sanarwar tun goman farko, domin kafin goman ƙarshe teloli sun daina karɓar ɗinkin sallah, hankalin mutane kuma ya koma ibada. A rubuta lokacin rufe shago kafin magariba, da ko za a sake buɗewa bayan asham.