Kayana sun ɓace a hanya, in jira ko in nemi diyya?

Mai gyaran waya: Salamu alaikum ƴan uwa. Gilasan waya na sayo daga Sin, kilo 4, na jika 300, ta kamfanin aika saƙo kuma an biya inshora. Tun farkon wata in na buga lambar bin sawu sai ta nuna sun iso Yamai, daga nan shiru. Na kira sun ce in ƙara haƙuri. In jira ne ko in sa su bincike? Kuma ni zan nema ko wanda ya aiko?

Hajiyar atamfa: Ɗana ka manta da su kawai. Ni lesuka na sa a motar Damagaram, yaron tasha ya rubuta lamba a kwali da alli, ko resi babu, na yi ta zarya har takalmina ya tsinke, ƙarshe sunka ce wai Allah ya mayar da alheri. Kayan auren ɗiyar mutane fa!

Baban Hadiza: Hajiya taki daban, shi yana da lamba da inshora. Ƙanena kar ka jira, kamfanoni da yawa kwana 30 suke badawa don kai ƙorafi, gidan waya ne ke kai wata 6. Kira a baki ba shaida ba ne, rubuta musu, ka sa lambar, ranar aikawa, nauyi, abin da ke ciki da hoton inda sawun ya tsaya, ka ce su buɗe bincike su ba ka lambar ƙorafin. Sai sun tabbatar kayan sun ɓata ake maganar inshora, kuma galibi mai aikowa suke biya tunda shi ya ƙulla da su, don haka ka matsa mishi yau. Nawa ya rubuta a takardar kayan?

Mai gyaran waya: Yaya, jika 100 ya rubuta, saboda duwan.

Baban Hadiza: To nan gizo ke saƙar. Abin da anka rubuta shi anka yi wa inshora, ko ka kawo faktir na 300 da wuya ka ga fiye da 100.

Ɗan Zariya 2: Ai duka suke biya, maƙwabcina jika 5 ya ba da na inshora anka maida mishi komai.

Sani kanikanci: Jika 5 a ina? Ni 12 na biya. Labarin maƙwabci kuma ba mu ɗauka, Baban Hadiza ya yi aikin tiransit. Amma ku duba, tsayawa a Yamai sau da yawa duwan ne sunka riƙe, kayan da ke hannun duwan kuwa ba a kiran su ɓatattu.

Ɗan Zariya 2: Tiransit ɗin shekarun baya? Wataƙila ma gilasan na nan kasuwa, je ka sayi abinka da rahusa 😂

Hajiyar atamfa: Ni dai wa zai biya ni lesukana? Kuma ga shi sun ƙara kuɗin kwali zuwa Yamai, ku nawa anka ce muku wannan satin?